Mai Bangon Laushi, Mai Bangon Kwali ko na Waya: Wanne Zan Saya?

*Maigida, zan zauna jarrabawar Nabteb ta Nuwamba, kuma naira 9,000 ne a hannuna. Littafin lissafin da malaminmu ya ce mu nema, mai shafi 320, na same shi kala uku: mai bangon laushi 6,500, mai bangon kwali 17,000, na waya kuma 3,500. Zuciyata ta fi kwanciya da na waya saboda araha. Ko in daure in tara kuɗin mai kwalin, tunda shi ne mai ƙarko?*

Sani, wata takwas kana shafa gam a shagon ɗaurin littattafan nan, amma har yanzu bango kake kallo kamar ɗan kasuwa. Bango riga ce kawai. Ran littafi yana gadon bayansa, inda takardun suka haɗu, kuma a nan za ka fara duba kafin ka tambayi kuɗi.

Ka tsayar da littafin, ka leƙa gadon bayan daga sama. Idan ka ga takardun a ninke, ƙulli-ƙulli suna jere da juna, to daga manyan fallaye aka ninka su, galibi kowane ninki shafi 16, wani lokaci 32. Littafinka mai shafi 320 zai zama ninki 20 ke nan in na 16 ne. Sai ka buɗe tsakiyar ninki ɗaya, ka danna da yatsa ka duba can cikin lungu. In ka ga zare, ɗinkakke ne. In ba zare, gam kaɗai ke riƙe da shi, ko da ninkin yana nan. Mafi yawan masu bangon laushi ma ba su da ninkin sam: an sare bayan da injin yanka, kowace takarda ta zama ita kaɗai, aka shafa gam mai zafi, aka manna bango. Irin wannan gam ɗin ba ya jure yanayinmu. Da bazara, in aka bar littafin a rana ko cikin mota, sai ya yi laushi takardu su zame; da hunturu kuma ya bushe ya yi ƙamas, kana buɗewa da ƙarfi ka ji ƙas, ya tsage gida biyu. Daga ranar takardun tsakiya za su fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Littafin labari zai iya shan wannan, don sau ɗaya ake karanta shi a riƙe a hannu. Na lissafi kuwa shimfiɗa shi za ka yi a kan benci, ka danne da gwiwar hannu kana kwafar aiki, ka koma bayan littafi neman amsa, ka dawo, sau ashirin a dare ɗaya. Wannan kai-komon ne ke kashe littafin gam.

Yanzu ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Ba kowane mai bangon kwali ba ne ɗinkakke. Da yawa cikinsu gam ne a ciki, irin na mai laushin sak, sai aka sa masa kwali, aka liƙa ɗan ƙyalle mai launi a sama da ƙasan gadon baya don ya yi kama da aikin ɗinki. Ka tuna ƙamus ɗin da wata malama ta kawo mana kafin azumi, bangon lafiya lau kamar yau aka saye shi, cikin kuwa ya zube mata a jaka? Shi ke nan. Rarar 10,500 da ke tsakanin mai laushi da mai kwali, kwali da yadi kake saya da ita, rubutun ciki ɗaya ne. Kwalin nan kuwa ga shi jibge a ƙarƙashin teburinmu. Mai kwali na gaske, ɗinkakke, yana da wurinsa: laburare, inda hannu ɗari zai taɓa shi, ko littafin da mutum zai yi shekara ashirin yana komawa gare shi. Kai jarrabawa ce a gabanka, kuma watannin da za ka yi kana tara cikon 8,000 watanni ne da ba ka karatu. Ka cire shi daga lissafi.

Na waya ya fi buƙatar bayani, don arhar tana ruɗi. Iri biyu za ka tarar. Akwai PDF, wanda shafinsa a daskare yake kamar yadda aka buga. Wayarka ba ta kai tafin hannunka faɗi sosai ba, shafin kuwa an tsara shi don takarda, saboda haka kullum kana buɗa shi da yatsu biyu, kana ja dama kana ja hagu. In zanen alwatika yana sama, tambayar tana ƙasa, ba za ka gan su tare ba. Akwai kuma EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman fuskar waya, yana da daɗin karanta zube. Amma a littafin lissafi sau da yawa jadawali yakan wargaje, alamomi su koma ƙananan hotuna, lambar shafi kuma ta daina dacewa da ta bugaggen. Malami ya ce a buɗe shafi na 143 a yi aiki na biyar, kai kana ta lalube.

Kafin ka ba kowa 3,500, ka tambaya: fayil ɗin zai sauka a wayata ya zama nawa, ko sai cikin manhajarsu zan karanta? In na manhaja ne, ka tambayi ko yana da wa'adi, domin wasu haya ce, bayan wata shida ko shekara ya rufe. Irin wannan yawanci ba ya yarda a buga shi a takarda, ba ka iya ba aboki aro, ba ka iya sayarwa. In kuwa wani ne kawai zai turo maka ta WhatsApp, to kusan tabbas hoton littafin aka ɗauka shafi-shafi, kayan sata ne, marubucin bai ga ko sisi ba. Gwajinsa mai sauƙi: ka nemi wata kalma da ka san tana ciki ta wurin bincike. In bai samo ba, hotuna ne, kuma babban amfanin littafin waya, wato saurin nemo abu, ya tafi.

Na san abin da ke ranka: ka saya a waya, ka buga a nan. Yi lissafin da kanka. Shafi 320 a kan naira 30 da muke karɓa, 9,600 ke nan. Ka haɗa da 3,500, ka kai 13,100, ba a yi maganar ɗauri ba tukuna. Ka ninka kuɗin mai laushi, ka ƙare da tulin takarda mai nauyi. Ko na yafe maka ladan aiki, takarda da hodar injin bugu ba kyauta nake samo su ba. Ban ce na waya ba shi da rana ba. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ko littafin Turanci da za ka riƙa bi a cikin A-daidaita, waya ta ishe su. Amma wayar da ake kira a kai, caji ya ƙare in an ɗauke wuta, saƙo na shigowa kana tsakiyar aiki, ba ita zan ɗora wa lissafi ba.

Saura mai laushi, kuma shi za ka saya, amma da idon mai sana'a. Ka fara da bugu. Ka karɓi littafin malaminku ka kwafe lambar ISBN da ke bayan bango, mai lamba 13, da bugu na nawa ne, don in an sabunta littafi ayyukan ciki da shafuka sukan canja. Sai dai lambar ba ta raba ka da jabu, masu satar bugu har ita suke kwafewa. Jabu a takarda da tawada ake gane shi. Ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske: in rubutun baya yana damun na gaba har ka kasa karantawa, takardar ta yi siriri, ba ta kai giram 70 da muke aiki da ita ba. Sannan ka nemi shafin da ke da ƙananan lambobin nan da ke hawa kan harafi. A bugun asali x² da x³ a bayyane suke. A jabu, da yake hoton hoto ne, 2 da 3 sukan cushe su zama ɗigo ɗaya, kuma a lissafi wannan ɗigon shi ne bambancin ci da faɗuwa. Siraran layukan jadawalin zane ma za ka ga sun yanke-yanke.

Kada ka bar gaban mai shago sai ka bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe. Minti uku ne. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini littafi in gyara, ya kai shafi na 112 sai ya ga an koma 97. Wurin harhaɗawa an sa ninki na bakwai sau biyu, na takwas, daga 113 zuwa 128, babu shi. Ya riga ya rubuta sunansa da biro a wuri uku, mai shago ya ƙi karɓa. Ba abin da allurata za ta yi wa shafin da ba a buga ba.

In ka zaga Sabon Gari ka samu na hannu, bugu ɗaya, shafuka cikakku, ka ɗauka ko bangon ya yage, ka taya ƙasa sosai. Yagaggen bango ba ya tsorata mai ɗauri. Abin gudu shi ne wanda ruwa ya taɓa har takardu suka manne, da wanda gara ta ci.

Idan ka kawo shi, abin da za mu yi ya danganta da abin da muka gani a baya. In ɗinkakke ne, mun huta: mu ɓare bangon a hankali, mu sa sababbin takardun gaba da baya, mu manna ƙyallen akoko a gadon baya, mu yanka kwali mai kaurin milimita 2 ya ɗara takardun da milimita 3 a gefe uku. Ka bar tazarar milimita 6 ko 7 tsakanin kwali da gadon baya, nan ne maƙogwaron da bango ke buɗewa, in ka matse shi bangon zai yage kansa. In na gam ne, sai mu huda shi ta gefe mu ɗinke tun bai fara zubewa ba, rami biyar, kamar milimita 5 daga baki. Wannan ɗinkin yana cin fili, kuma littafin ba zai ƙara shimfiɗuwa sosai ba, don haka tun a kasuwa ka auna farin da ke tsakanin rubutu da lungu. In bai kai faɗin babban yatsanka ba, ɗinki zai haɗiye farkon layuka, gara mu bar shi da gam ɗinsa, mu ƙarfafa bango kawai, ka kuma koyi buɗe shi a hankali. Farin gam za ka shafa, ban da kokon rogo; sitaci abincin kyankyaso ne.

Kayan duka ba za su ci maka 1,000 ba, ragowar kwalin aikin ɗaliban nan ma ya isa. Kana da 1,500 a aljihu na tsofaffin tambayoyi. In ka yi rubutunka da fensir, bayan jarrabawa ɗan aji na ƙasa zai saye shi ko da 3,500 ne, ka ga abin da ya fita daga hannunka bai wuce 4,000 ba, kusan kuɗin na wayar da ba ka iya sayar wa kowa.

Ka je ranar Asabar da safe, da hasken rana, kada ka saya a ƙarƙashin fitilar shago. Ka tafi da rula. In ka dawo kai za ka yi ɗaurin da hannunka, ni ina kallo, kuma wannan karon ka duba jijiyar kwalin, wato hanyar da zaren cikinsa ya kwanta, ta bi tsawon gadon baya kafin ka yanka, kada ya sake lanƙwashewa kamar rajistar makarantar nan ta makon jiya.