Nisan taƙi ɗaya tsakanin baki da waya

"Maigida, na ɗauki hirar wani dattijo a falonsa a Tudun Wada, na ajiye wayar a kan tebur muna zaune, amma da na saurara sai na ji muryar can nesa tana gauraye da ƙarar ɗakin. Gobe kuma akwai karatu a Islamiyyarmu, jibi hira a fili. Wayar ce ba ta da kyau ko sai na sayi makirufo?"

Kada ka kashe ko sisi tukuna, ɗana. Wayar da ke hannunka ta isa aikin nan. Matsalar nisa ce, kuma idan ka gane nisa ka gama da fiye da rabin abin da ke damunka.

Ga yadda lissafin yake. Duk lokacin da nisan da ke tsakanin baki da makirufo ya ninka, ƙarfin muryar da ke isowa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A ce dattijon yana kan kujera, teburin yana tsakiyar falo, tsakaninsu mita 2. Da ka kawo wayar santimita 25 daga bakinsa, ka rage nisan rabi sau uku ke nan: daga 200 zuwa 100, zuwa 50, zuwa 25. Muryar za ta ƙaru da kusan desibel 18. Abin lura shi ne ƙarar fanka, kukan keke a titi da sautin da bango ke maidowa ba su ƙaru ba ko kaɗan, domin su sun cika ɗakin ne, kusan ƙarfinsu ɗaya a ko'ina ka tsaya. Murya ce kawai ta hau kansu. Shi ya sa ƙara sauti bayan an gama ɗauka ba ya gyara komai: za ka ɗaga muryar tare da duk tarkacen da ke jikinta. Kuma yawancin wayoyi suna ƙara ji da kansu idan magana ta yi ƙasa, saboda haka duk inda dattijon ya yi shiru za ka ji huci ya taso, ya fara magana ya lafa. Idan ka ji wannan hawa da saukar a iyafis, to wayar ta yi nisa.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 25. Kafin nan ka san inda makirufon yake. A yawancin wayoyi babban yana gindi, ɗan rami kusa da inda ake sa caja, akwai wani a sama, wasu kuma suna da na uku kusa da kyamarar baya. Kunna ɗauka, ka shafa kowane rami da yatsa kana faɗin wanda ka taɓa, sannan ka saurara. Wanda ya fi yin ƙara shi ne ke aiki, shi za ka fuskantar wa mai magana, kuma ka tabbata tafin hannunka ko rigar wayar ba su toshe shi ba. Kada ka saita shi daidai saitin leɓe. Iskar da ke fita da haruffa irin su f da b tana bugun makirufo ta yi "bum". Sauke shi ƙasa da haɓa kaɗan, ko ka kauce gefe, yana kallon baki amma numfashi na wucewa ta samansa.

Nan ne yara ke jin nauyi, wai yaya za a kai wa dattijo waya kusa da gemu. Ka nemi izini tun farko, ka ce, "Baba, zan matso da ita don maganarku ta fita sosai." Ba wanda zai ƙi. Ka zauna a gefensa, ba nesa da shi ba, ka jingina gwiwar hannunka a hannun kujera don kada ka gaji ka riƙa sauya riƙo, domin kowane motsin yatsa a jikin waya yana shiga. Idan za ka yi tambaya ka juyo da gindin wayar wajenka, ka gama, ka mayar, ka ɗan dakata kafin ya fara. Idan hirar mai tsawo ce dole a ajiye, jawo ƙaramin tebur gabansa, ka tara littattafai har su kai ƙirjinsa, ka ninke tawul a kai sannan ka ɗora wayar da gindinta ya ɗan zarce bakin littafin. Tawul ɗin ne zai shanye ƙarar ajiye kofin shayi da bugun tebur.

Sai ɗakin kansa. Falon zamani, ƙasa tayil, bango siminti mai santsi, sama silin, ga gilashin taga ba labule, shi ne mafi wahalar ɗaukar murya, duk kyansa a ido. Sauti yana dukan abu mai tauri ya dawo, ya sake dukan na gabansa, har ƙarshen kowace kalma ya hau kan farkon ta gaba. Da ka shiga, tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ka kasa kunne. Idan tafin ya mutu nan take, ɗakin ya yi. Idan ya bar jela ko wani kaɗawa kamar ƙarfe, akwai aiki. Sau da yawa ɗakin kwana mai katifa, labule da kaya a rataye ya fi falo nesa ba kusa ba, in mai gida ya yarda. In bai yiwu ba, a saki labule, a shimfiɗa darduma ko bargo a ƙasa tsakaninku, a zauna a kujerun kushin. Ka guji tsakiyar ɗakin da babu komai, ka guji kusurwa inda murya ke yin kauri, kuma kada mai magana ya fuskanci bango tsirara a kusa. Ya fuskanci labule, a bayansa ma a samu abu mai laushi, domin abin da ya dawo daga bangon bayansa kai tsaye yake faɗawa makirufo. Ka yi wannan tun kafin a fara, don amsa-kuwwar da ta riga ta shiga ba ta fita da sauƙi. Manhajojin da ke cire ta sukan bar murya tana rawa kamar ana magana a cikin ruwa.

Fanka a kashe ta, ko da zafi ake. In janareto ne ke aiki, a rufe tagar da ke ɓangarensa.

Karatun gobe ya fi wannan wuya, domin zauren ya fi girma kuma akwai lasifika. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya zauna a tsakiyar jama'a ya ɗaga waya. A wurin kana ɗaukar lasifikar dama, da ta hagu da ke isowa bayanta kaɗan, da abin da bango da rufin kwano suka maido, ga tarin mutane. Kunnenka yana iya tace wannan yana zaune a wurin, waya ba ta iyawa. Ka je da wuri ka roƙi a ajiye wayar a teburin malam, kan tawul, kamar kamu ɗaya daga bakinsa, nesa da inda yake buɗe littafi. Wannan ya fi komai. Idan ba a ba ka dama ba, zaɓi lasifika guda ɗaya, ka tsaya kamar mita ɗaya daga gare ta, ɗan gefe, ka gwada lokacin da ake gwajin na'ura. In ka ji muryar tana tsagewa a inda aka ɗaga ta, ja baya taku ɗaya. Idan manhajarka tana nuna ma'aunin sauti, ka bar mafi ƙarfin magana yana kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa 0, domin abin da ya tsage ya tsage ke nan. Wani zai ce maka ka jona wayarka kai tsaye da miksa, wato na'urar da ake haɗa makirufo da lasifika a jikinta. Sautin da ke fita daga miksa ya fi ƙarfin ƙofar makirufon waya sosai, sai da igiyar da ke rage shi ko ƙaramin akwatin sauti na USB, in ba haka ba ɓarna za ka kwaso. Tambayoyin ɗalibai kuwa ba za su fito ba, ka roƙi malam ya riƙa maimaita tambaya kafin ya amsa.

Iska kuma daban take, matsowa ba ya maganinta sosai. Ba sauti ba ce da ke zuwa daga nesa, bugun fatar makirufo take yi kai tsaye, ta haifar da rugugi mai kauri wanda ke danne kalma gaba ɗaya. Iskar da ba ta ko ɗaga hularka ba ta isa ta ɓata hira. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa, to ka nemi gefen gini na kudu ko yamma ku tsaya a inda bango ya tare ta. A wuri buɗaɗɗe irin Dandalin Murtala inda ba abin fakewa, jikinka ne bangon: ba wa iska baya, ka riƙe wayar a gaban ƙirjinka, mai magana ya matso. Soso da ake sa wa makirufo yana tare numfashi da iska mai sauƙi ne kawai. Na waje shi ne mai gashi-gashi, domin gashin yana karya gudun iska kafin ta isa. In babu, safa mai kauri a gindin waya tana ragewa, sai dai tana ɗan dusashe murya, kuma kada ta riƙa goga. Idan manhajar tana da Low cut, kunna shi a 80 Hz ko 100 Hz. Zai rage rugugin ba tare da ya taɓa fahimtar magana ba, amma ba ya dawo da kalmar da iska ta riga ta danne. In ta yi ƙarfi, irin wadda ke gaban hadari a farkon damina, ku shiga mota a inuwa, a kashe inji a rufe gilashi. Kujeru suna shanye amsa-kuwwa, sai dai zafi ba zai bar ku ku daɗe ba.

Idan daga baya za ka sayi wani abu, ƙaramin makirufon maƙalawa a riga za ka fara saya, ka maƙala shi taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda babbar riga ko mayafi ba za su goge shi ba. Duba bakin jonawarsa: na waya zobe uku baƙaƙe gare shi, mai zobe biyu na kyamara ne, ka sa shi a waya ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon ba ka sani ba. Ƙwanƙwasa shi da farce ka saurara don ka tabbatar.

Kafin kowace ɗauka sa wayar a Airplane mode don kira kada ya yanke ta. A manhajar ɗauka zaɓi WAV in akwai, wato nau'in fayil ɗin da ba ya matse sauti. Awa ɗaya a 48 kHz, 16-bit, layi ɗaya, tana cin kusan MB 350, ka duba kana da wuri. Ɗauki daƙiƙa 20 da muryar mai maganar kansa, a inda zai zauna, ka tsaya ka saurara da iyafis, ba da lasifikar waya ba, domin ita ba ta fitar da rugugin iska. In za ka turo mini na goben ta WhatsApp, turo shi a matsayin Document.