Yadda za ki faɗi irin littafin da kike so har a ba ki shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubutowa. Kullum in na ce a guruf ɗinmu na WhatsApp a taimaka min da littafi mai daɗi na soyayya, sai a turo min na 'ya'yan masu kuɗi da motoci da fita ƙasar waje, ni kuma ba na iya gama su. Wanda ya taɓa kama ni shi ne na wata mata da aka saka, ta koma gidansu ta kama ɗinki har ta tsaya da ƙafarta. Wattpad ma, manhajar da nake karatu a ciki, yanzu labaran yaƙi yake jero min. Data tana ƙarewa a banza. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki ƙalau take, kuma 'yan guruf ba su yi miki rowa ba. Saƙon da kike turawa ne bai ɗauke da abin da za a auna ki da shi. "Mai daɗi" kowa da nasa, don haka duk wadda ta amsa miki, abin da ya yi mata daɗi ta turo. "Soyayya" kuwa tun daga shekarun 1980, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, ta zama rumfar da kusan kowane labarin zamantakewa yake fakewa a ƙarƙashinta: auren dole, kishi, gado, maraici, zawarci, duk soyayya ake kiransu. Ko a tsofaffin littattafai sunan rukuni ba ya wadatarwa. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, duk labarin tafiya ne, amma na farko barkwanci ne da wayo, na biyu kuwa natsuwa ce da raɗaɗin bauta da rabuwa da uwa. Wanda ya ce "a ba ni tsohon littafin tafiya" zai iya samun kowanne.

Abin da zai fi yi miki aiki shi ne ki faɗi dalilin da ya sa wancan littafin ya riƙe ki. Ki zauna ki tambayi kanki: a wane wuri na kasa ajiye waya? Na lura a bayaninki ba ki ambaci mijin ba sam, ba ki ce ya dawo ko wani ya aure ta ba. Keken ɗinkin kika tuna. Wannan ya nuna min ba soyayya kike bi ba, labarin macen da ta faɗi ta tashi da guminta kike so, a gida irin wanda kika sani, inda ake lissafin kuɗin cefane. Muddin kina cewa "soyayya", hanyar da ba taki ba kike nuna wa mutane.

Sai kuma littafin da kika watsar. Mutane suna jin nauyin faɗin wannan, alhali ya fi yabo amfani, domin yana kawar da tarin littattafai a lokaci guda. Sai dai kada ki tsaya a "bai yi min ba". Ki faɗi inda kika tsaya da abin da ya tsayar da ke. Wadda ta bar littafi saboda an cika kwatanta kaya da motoci daban take da wadda ta bar shi saboda jarumar ba ta da aiki sai kuka, ko saboda an shigo da aljanu a tsakiya, ko saboda batsa. Kowacce shawararta daban.

Ga yadda zan rubuta saƙon in ni ne ke:

"Don Allah ina neman littafin zamantakewa, wanda jarumar babbar mace ce, bazawara ko matar aure, da ta shiga wahala ta fita da sana'arta. Na fi son a yi shi a ƙauye ko gidan talaka. Na bar littattafai da dama saboda labarin 'ya'yan masu kuɗi ne. Ban da batsa, ban da aljanu. Kammalalle nake so, rubutacce ba na sauti ba. Duk wadda za ta ba ni suna, ta faɗa min a layi ɗaya me ya sa take ganin zai dace da ni, kuma na kyauta ne ko na kuɗi."

Jimlar ƙarshen nan kada ki yar da ita. Wadda ta karanta littafi za ta iya cewa "jarumar awara take sayarwa bayan rasuwar mijinta". Wadda take tura duk abin da ya faɗo wayarta, ko take tallar littafin ƙawarta, ba za ta wuce "wallahi ya haɗu" ba. Daga nan kin san wadda za ki saurara. Ki kuma lura suna kika nema, ba fayil ba. Rubutaccen littafi ba ya cin data sosai, na sauti shi ne mai kwashe ta. Ki shiga `Settings` a WhatsApp, sai `Storage and data`, a ƙarƙashin `Media auto-download` ki taɓa `When using mobile data`, ki cire alamar `Audio` da `Documents` da `Videos`, yadda waɗannan ba za su sauka ba sai kin taɓa su da hannunki.

Wattpad kuma ba ya jin bayani, aikinki yake kallo: abin da kika buɗe, wanda kika ajiye a `Library`, da wanda kika danna wa tauraron `Vote`. Tunda labaran yaƙi suke fito miki, zargina na farko shi ne akwai mai karatu da wayarki, ƙane ko maigida, ko wani a shagon caji inda take yini. Ki duba `Library`. In kin ga littattafan da ba ke kika saka ba, to an gano bakin zaren. Ki cire su, ki cire waɗanda kika fara kika bari, mai aron wayar kuma ya buɗe nasa asusun. Ki daina danna `Vote` don kara ko don marubuciya ta roƙa, domin manhajar za ta ɗauka irinsa kike so a ƙaro miki. Gyaran ba ya bayyana nan take, sai kin ɗan karanta irin naki tukuna.

Wajen bincike, dogon saƙon can ba zai yi ba, gajerun kalmomi ake so. Marubutanmu suna yawan liƙa wa littattafansu alamar `hausanovel` ko `hausa`, sai ki haɗa da kalma ɗaya daga cikin naki:

```
hausanovel bazawara
hausanovel zawarci
```

In ba ki samu ba, ki canza kalmar zuwa saki ko maraici, ɗaya bayan ɗaya. Ki gwada rubutawa ba ƙugiya, wato kauye maimakon ƙauye, saboda da yawa haka suke bugawa a waya. Iyakar wannan hanya ita ce marubuci ne yake saka alamar da kansa, wasu kuma suna jibga kowace iri don a gan su. Saboda haka kafin ki ajiye littafi ki duba shafinsa: in an rubuta `Ongoing` ba a gama shi ba, in an rubuta `Mature` akwai abin da kika ce ba kya so, kodayake ba kowa ne yake saka ta ba.

Na kuɗi kuwa, kada ki biya sai kin karanta shafukan kyauta da aka saba saki a farko. Babi uku sun isa ki gane. Ki duba ko jarumar tana yanke shawara da kanta ko jan ta ake yi, ki duba gidan da aka ajiye ta. In a babi na biyu ɗan mai kuɗi ya riga ya tsayar da mota a ƙofar gidansu, ki koma wurin wadda ta ba ki sunan ki ce mata nan kika tsaya, ta ba ki wani.