Jan na baya a jiki a wurin aiki: ta ina suna yake fitowa?

Tambaya: Na shekara tara ina aikin lissafin kuɗi, kuma na iya aikina, amma in ban da abokan aikina na kusa babu wanda ya san ni. An ba ni shawarar in riƙa jan ƙananan ma'aikata a jiki ina koya musu, wai ta haka ake yin suna, a kuma san mutane. Ta ina zan fara, kuma anya wannan ba son kai ba ne?

Amsa: Malam, babu laifi mutum ya yi fatan amfana da alherin da yake yi, muddin wanda ake koya wa shi ne ya fara amfana, kuma amfanin nasa na gaske ne. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, sunan da kake nema ba daga bakin yaron da ka koya wa zai fito ba. Yabon ƙaramin ma'aikaci ga wanda ya girme shi a aiki ba shi da nauyi sosai a kunnen manya, domin kowa ya san ladabi kaɗai ma yana sa a yi shi. Sunan yana fitowa ne ranar da wani babba ya ga aikin yaron ya yi kyau fiye da yadda ya zata, ya tambaya a hannun wa ya koya, da kuma ranar da ka tsaya wa wani, aka ɗauke shi saboda maganarka, aka same shi kamar yadda ka faɗa.

Ka fara da mutum ɗaya, in sun yi yawa biyu, kuma zai fi kyau a ce ba kai ne kake cike masa takardar auna ƙwazo ba, saboda wanda ƙarin girmansa yake hannunka ba zai saki jiki ya nuna maka inda ya kasa ba. Ku yi yarjejeniya a fili: wata shida, zaman awa ɗaya duk bayan mako biyu, wato kusan zama goma sha biyu ke nan, kuma shi ne zai riƙa zuwa da aikin da za a duba. Idan yana ƙarƙashin wani shugaba, ka sanar da shugaban kafin ku fara, don kada ya ji labari a wani wuri ya ɗauka kana yi masa katsalandan.

Yadda ake zaman shi ne ya fi muhimmanci, don haka bari in kawo misali daga fagen aikinka. A ce wata sabuwar ma'aikaciya ta zo maka da lissafin ƙarshen wata, ta kwana biyu tana daidaita littafin ofis da takardar bayanin banki, amma bambancin 270 ya ƙi ɓacewa. Kai da ka daɗe a aikin, kana gani ka san 270 yana rabuwa gida tara ba saura, kuma irin wannan bambanci yakan nuna cewa an juya lambobi ne wajen shigarwa, kamar a rubuta 360 a maimakon 630. Cikin minti biyar za ka iya nemo layin ka gyara mata, ta yi godiya ta tafi, wata mai zuwa kuma ta dawo da irinsa. Abin da ya dace shi ne ka ce ta raba bambancin gida tara, ka tambaye ta me take jin hakan yake nufi, sannan ka bar ta ta nemo layin da kanta ko da zai ci rabin zaman. Alamar cewa koyarwar tana shiga ita ce tambayoyinta su canja: a watan farko tana tambayar yadda ake yi, zuwa wata na huɗu kuma tana zuwa da hanyoyi biyu da ta gwada, tana neman ra'ayinka a kan wadda ta zaɓa. Idan har wata na huɗu irin tambayar farko take maimaitawa, to, ka zama mai yi mata aiki ne kawai, kuma sau da yawa laifin na mai koyarwa ne da bai iya haƙurin kallon mutum yana lalube ba.

Daga nan sai matakin da yake da riba da haɗari a lokaci guda, wato tsaya wa mutum. Ba da shawara lokacinka kawai yake ci, amma cewa a ba wance wannan aiki, mutuncinka ne ka ɗora a kai. Na taɓa gabatar da wani matashi ga wani tsohon abokin aikina bayan zama biyu kacal, saboda ya iya magana kuma ya burge ni. Ya kasa kammala aikin a kan lokaci, bai kuma sanar da kowa ba sai da wa'adi ya wuce. Abokin nawa bai ce mini komai ba, amma ya daɗe bai sake tambayata ko na san wanda ya dace da wani aiki ba. Tun daga lokacin ba na tsaya wa kowa sai na ga aikinsa cikakke aƙalla sau uku, na kuma ga yadda yake yi idan ya yi kuskure. In zan yi magana kuma, abin da na gani da idona nake faɗa: ta rufe lissafin wata uku a jere ba tare da an mayar mata da gyara ba, amma ba ta taɓa zama da masu binciken kuɗi na waje ba. Faɗin inda mutum bai kai ba shi ne yake sa a yarda da sauran maganar.

Game da sanin mutane, sai ka yi haƙuri, domin ba abu ne na shekara ɗaya ba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin sababbin damammaki yakan zo wa mutum ne ta hannun waɗanda yake gani jefi-jefi fiye da aminansa, saboda aminai yawanci abin da ka sani shi suka sani. Wadda ka koya wa yau, idan ta koma wata ma'aikata bayan shekara uku, ta zama irin wannan mahaɗa: tana jin abin da ba ka ji, tana zama da mutanen da ba ka sani ba, kuma ta san aikinka ciki da bai.

Wannan ne ya sa rabuwa take da muhimmanci. Kathy Kram, wadda ta nazarci irin wannan alaƙa a wurin aiki, ta bayyana a 1983 cewa tana bin matakai huɗu: farawa, raino, rabuwa, sai kuma sake fasalin alaƙar zuwa ta abokan sana'a. Wurin da masu neman suna suka fi tuntuɓe shi ne mataki na uku. Sukan ci gaba da kiran mutum yaronsu a bainar jama'a bayan ya tsaya da ƙafafunsa, ko su ji haushi idan ya nemi shawarar wani, ko su riƙa ambaton taimakon da suka yi masa duk lokacin da aka yabe shi. Wanda aka yi wa haka ba ya musu, janye jiki kawai yake yi. Saboda haka idan wata shida sun cika, ku zauna ku duba abin da aka cim ma, ka haɗa wadda kake koya wa da mutum ɗaya da ya fi ka sanin ɓangaren da take son shiga, sannan ka mayar da zaman zuwa sau ɗaya a wata uku, ka bar mata zaɓin ranar.