Malami ya rubuta Poor a takardar jikata: talauci yake mana gori?

Tambaya: Ni tsohuwa ce a Tawa, ina riƙon jikata da ke aji na biyu a kwalej. Ta kawo takardar sakamako, na ce, "Kishiya, mi aka rubuta nan da jan biro?" Ta ce, "Kaka, Poor ne, malamin Ingilishi ya sa." Na ce, "Mi yake nufi?" Ta ce, "Wani a unguwa ya ce talaka." Tun ranar ban yi barci ba. Ta samu 6 a aikin aji, 8 a jarrabawa. In je wurin malamin?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a taɓa mutuncin gidanki ba. Gaskiya ne kalmar tana nufin talaka idan mutum ake siffantawa. Amma a takardar sakamako aiki ake siffantawa, ma'anarta kuwa aikin ya yi rauni. Da malamin Faransanci ne, Faible zai rubuta, kuma da ba wanda ya tada jijiyar wuya.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu fassarar bakin titi. Mutum ya je Konni ko Illela a bakin iyakar Najeriya sau biyu, ya tsinto kalma goma, shi ke nan ya zama tafinta. A shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi, na ga uwa ta zo ƙofar aji tana kuka, wai na wulaƙanta ɗanta don babansa ba shi da komai. Na ga wanda ya cire ƴarsa daga lakkol kan wannan kalma ɗaya. Ɗiyan masu kuɗi ma ana rubuta musu ita, ranar da suka samu 5. Wanda ya yi wa jikarki wannan fassara bai ko dubi makin da ke gefen kalmar ba, ya bar yarinya tana jin kunyar gidan da ya rene ta. Wannan alhaki ne, Allah ya sani.

Makin shi ne abin dubawa. A nan bisa 20 muke ƙirga, kuma 10 ne madaidaici. Idan aka haɗa 6 da 8 aka raba biyu, 7 ke nan, saura 3 ta kai. In tana son ta cike giɓin, sai ta nemi 13 a zango mai zuwa. Abu ne mai yiwuwa, tunda shekararta ta biyu ke nan da fara Ingilishi, kuma jarrabawa ta fi mata aikin aji kyau.

Ki je wurin malamin, amma ki tafi da littafin rubutunta, ki ce ya nuna miki inda take faɗuwa: karatu ne, rubuta kalmomi ne, ko aikin gida ne ba ta kawowa? Shidan nan na aikin aji shi nake zargi, don sau da yawa sifili ɗaya na aikin da ba a kawo ba ke jawo shi ƙasa.