Takardar farashi ta kwana goma sha biyu ba amsa

Malam, walda nake yi a Yamai. Daraktan wata makaranta mai zaman kanta ya nemi furoforma, wato takardar farashi, ta teburan ɗalibai masu haɗe da benci guda 40. Na sa kowane a jika 27 da rabi, na tura masa ta WhatsApp tun farkon watan Agusta. Yau kwana 12, alamar ta nuna ya buɗe, amma ko uffan. Ina son aikin, ina kuma jin nauyin in kira a ce na cika naci. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, kada ka rubuta masa "Ranka ya daɗe, ka ga takardata kuwa?" Ya gani, kai ma ka san ya gani. Wannan tambaya tana sa mutum ya ji kamar bashi kake bin sa, wanda ake bi bashi kuma ka san yadda yake yi da waya.

Ka fara da tunanin inda takardar ta maƙale. Miliyan 1 da jika 100 ba kuɗin da darakta ke fitarwa daga aljihunsa ba ne. A yawancin makarantun kuɗi, akwai mai makaranta a sama, shi ke cewa a biya ko a dakata, darakta kuwa tattara takardu yake yi ya kai masa. Ga shi Agusta wata ne da asusun makaranta yake a bushe: kuɗin bara sun ƙare, iyaye kuma ba sa fara biyan na rajista sosai sai an shiga Satumba. Mai yiwuwa ne ƙwarai daraktan nan yana son teburanka, amma ba shi da abin da zai faɗa maka sai "babu kuɗi tukuna", kunya kuma ta hana shi. Mu a nan, shiru ya fi mana sauƙi da mu ce wa mutum a'a.

Saboda haka ka koma masa da abin da bai sani ba, abin da kai kaɗai ka sani, wato lokacin da aikin ke ci. Zauna ka lissafa. In kai da yaranka kuna fitar da tebur 3 a rana, 40 za su ci kwanakin aiki 14. Ƙara ranakun da wuta ke ɗaukewa, ƙara fenti da ba ya saurin bushewa da damina, sai ka ga mako 3 ne cif, watakila da ɗoriya. Makarantu a ƙasar nan suna komawa wajen farkon Oktoba. Ke nan in ana son yara su tarar da wurin zama, dole ka fara yanka ƙarfe kafin 10 ga Satumba. Wannan ba matsi ba ne, labari ne da zai amfane shi, zai ma iya ɗaukarsa ya kai wa maigidansa.

Ga irin saƙon da zan tura in ni ne kai. Murya ta fi, tunda ita ke ɗauke da gaisuwa yadda ya kamata, amma kada ta wuce rabin minti, kuma ka bi ta da rubutu domin lambobin su zauna:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gajiya, ina ruwa? Mai waldan nan ne da ya kawo farashin tebura. Ina tsara aikin watan gobe ne, na ga naku zai ci mako 3, sai na ce bari in tambaya: kuna son su duka 40 kafin a koma makaranta, ko 20 a fara, sauran bayan rajista? Kowanne ya fi muku sauƙi, ni zan iya."

Tambayar nan ana iya amsa ta da kalma biyu, ko yana kan babur. Ta kuma buɗe masa ƙofar da kunya ta rufe, domin yanzu zai iya cewa "a fara da 20" ba tare da ya ce ba su da kuɗi ba. Rabin aikin jika 550 ne. In ka karɓi rabin wannan a matsayin kuɗin kafin alƙalami, jika 275 ke nan, adadin da mai makaranta zai iya nemowa ko a Agusta. Ka tura da hantsin Talata ko Laraba. Litinin mutane na fama da abin da ya taru, Juma'a kuwa hankali yana masallaci.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ka rage kuɗi tun ba a taya ba. Masu sana'a da yawa in shiru ya yi tsawo sai su aika, "In tsada ce, a bar shi jika 25." Ka zubar da jika 100 a kan tebur 40, alhali ba ka ma san ko farashin ne matsalar ba, kuma ka nuna masa cewa duk ranar da ya ƙara yin shiru, kuɗi na sauka. Haka nan kada ka ƙirƙiro cewa ƙarfe zai tashi gobe. Kasuwar Katako ba nisa, waya ɗaya zai yi ya ji gaskiya. In da gaske ya tashi, ka faɗi nawa ka sayi bututu a da, nawa ne yau. Nan gaba ma ka riƙa rubuta a ƙasan takardarka cewa farashin na kwana 15 ne ko 30. Ƙarewar wa'adin ita kanta dalilin kira ce da ba wanda zai ga laifinta.

In saƙon ya yi kwana 4 ko 5 ba amsa, kada ka tura na biyu. Ka ɗora tebur ɗaya da ka gama a mota ko amalanke, ka je da kanka. Takarda ba ta nuna kaurin bututu, ba ta bambanta jan katako da fari. Idan wani ya ba su a jika 22 da ƙarfe mai laushi da zai lanƙwashe kafin hutun farko, sai an ɗaga naka an zauna a kai za a gane inda bambancin ya tafi. In ba ka tarar da darakta ba, ka gaida mai kula da kuɗi ko maigadi da kyau. Maigadi ya san ko an riga an sauke wasu tebura a tsakar makarantar, kuma zai faɗa maka kyauta.

Akwai wata fuska da ya kamata ka shirya mata. Wurare da dama sai sun haɗa furoforma 3 kafin su sayi kaya, ko da sun riga sun san wanda za su ba. Ka tuna ranar da ya neme ka. Ya tambayi irin katako, ko yaushe za ka gama, ko wa zai biya ɗauko? Ko kuwa hatimi da lambar haraji ta NIF kawai ya dame su, yana cewa a yi sauri? In na biyun ne, da alama cikon takardu aka yi da kai. Ni ma an taɓa yi mini, na yi wata guda ina sintiri.

To ko da hakan ne, ka rufe maganar da kanka bayan zuwanka da kamar mako ɗaya: "Ranka ya daɗe, na ga lokaci ya matso, zan ba wani aiki wurin da na ajiye muku. In an tashi, ko gyaran tsofaffin tebura ne, ina nan." Daga nan ka daina kira, ka rubuta sunan makarantar a littafinka, ka leƙa su a ƙarshen Oktoba, lokacin da ɗalibai suka fi kujeru yawa kuma kuɗin rajista sun shigo.