Layi biyu a waya ɗaya: ina katin yake tafiya?

*Malam, layi biyu ne a wayata, ɗaya na data, ɗaya na kira. Jiya da yamma na loda katin dubu ɗaya a na kiran, ban kira kowa ba, da safe na tarar babu ko sisi. Yarona ya ce kamfanin ne ke sata. In jefar da layin?*
Mai sayar da atamfa, Kano

Hajiya, a dakata da jifa tukuna. Na fi zargin wayar da kamfanin. Waya mai layi biyu daga layi ɗaya take jan data a lokaci guda, kuma ba ruwanta da wanda kika saya wa data, wanda aka nuna mata shi take bi. Idan ta koma kan layin kira, WhatsApp da Facebook za su ci gaba da aiki kamar kullum, ba za ki ga wani canji ba. Sai dai yanzu daga kati ake cira, kuma shiga intanet da kati ya fi sayen data tsada nesa ba kusa ba. Bidiyoyin biki da ke sauka da kansu a zaurukan WhatsApp cikin dare sun isa su lashe dubu ɗaya kafin asuba.

Ga yadda za ki kama ɓarawon. Danna *323# a layin data, ki rubuta abin da ya rage. Danna *310# a layin kira, shi ma ki rubuta. Wannan karon katin ɗari kawai za ki sa tun kafin ki danna lambobin, kada a sake asarar dubu. Kalli bidiyo na minti biyu ko uku, sannan ki sake danna lambobin. Idan data tana nan yadda take amma kati ya ragu, magana ta ƙare. Sai ki shiga Settings, ki nemi wurin da aka jera layukan, wasu wayoyin sukan rubuta SIM manager, wasu SIMs kawai. Abu uku za ki gani: Calls, Messages ko SMS, da Mobile data. Na ukun shi za ki mayar kan layin data.

Yaya aka yi ya sauya ba ki taɓa ba? Yawanci an cire layukan ne, a wurin mai gyara ko a hannun yara, aka mayar da na ɗaya gurbin na biyu, wayar ta yi tambaya, wani ya danna ba tare da ya karanta ba. Akwai kuma wani maɓalli a sababbin wayoyi mai ɗauke da kalmomin data switching. In yana kunne, duk lokacin da sabis ɗin layin data ya yi rauni, wayar za ta tsallaka ɗayan layin da kanta. Ga mai data a layukan biyu alheri ne. Ga irinki, kashe shi. Idan kuwa kin gwada kin ga kati yana raguwa ko da data a kashe, to wani tsarin da aka shigar da ke ne, irin na labaran ƙwallo ko waƙar kira, *305# ake dannawa a fita.

Abin da ke ba ni haushi ba ke kaɗai ba ce. Mutum zai tsaya a gaban mai kayan miya yana ciniki kan naira hamsin har rana ta take, amma kati ya ɓace masa sau uku a wata, ya ce "haka suke", ya sake lodawa. Wani ma bashin kati yake ci da *303#, a cire ladan bashin tun kafin ya yi kira, sauran kuma intanet ya cinye. An sayi waya da kuɗi masu nauyi, an zaɓi riga mai ƙyalli an sa mata, amma minti biyar na zama a raba wa layuka aiki ya gagara. Wayoyi da yawa suna bari a sa wa kowane layi suna. A goge SIM 1 da SIM 2 ɗin nan da ba wanda ke tuna wane ne wane, a rubuta "Data" da "Kira". Kuma duk ranar da waya ta dawo daga gyara, a duba wurin nan kafin a loda ko naira ɗaya.

*Ranka ya daɗe, layin da fanshona ke shigowa yana gurbi na biyu, ba na kira da shi, ba na sa masa kati, alat kawai nake jira. Kwanan nan in na danna lambar banki sai a ce ba a san ni ba. Hankalina ya tashi.*
Tsohon malamin makaranta, Gusau

Baba, a kwantar da hankali, in dai alat yana shigowa layin yana raye, kuɗinku kuma suna nan. Banki lambar da kuka ba shi kaɗai ya sani. Idan an saita wayar ta riƙa kira da layin farko, lambar bankin ma ta can take fita, shi ya sa ake cewa ba a san ku ba. A sa jika ya shiga Calls ya zaɓi Ask every time, wasu wayoyin Ask always suke rubutawa. Daga nan duk abin da kuka danna za ta tambaye ku layin da za a bi. Amma lambar sirri kada jikan ya gani.

Inda na fi jin tsoro shi ne rashin sa katin. Layin da ya yi watanni ba kira, ba saƙo, ba kati, kamfani yana iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Ranar da hakan ta faru, alat ɗinku da lambobin tabbatarwa na banki wayar baƙo za su riƙa shiga. Duk wata a sa masa ko na ɗari ne, a kira wani da shi a gaisa.

*Idan na sa data a layukan biyu, gudun intanet zai ninka?*
Ɗalibi, Zariya

A'a. Kuɗin da ka kashe ne zai ninka. Gwada kowanne a ɗakin da kake kwana, wanda ya fi ja ka ba shi data.

*Matata ta ce takan kira ta ji layina a kashe, alhali wayar tana hannuna. Har ta fara zargi.*
Direban tirela, Kaduna

Ɗan'uwa, ba laifinka ba ne, ba kuma sharri take maka ba. Yawancin wayoyin da ke hannunmu layukan biyu suna sauraro tare, amma da zarar ka ɗaga kira a ɗaya, ɗayan ya fita sabis har ka ajiye. Mai nemanka a can ba zai ji alamar kana magana ba, sai a ce masa ba a samunka. Data ma takan tsaya idan a ɗayan layin take. Ka nuna mata da idonta: ka kira wani da layin aiki tana zaune, ta kira na gida ta ji. Sannan ka ba ta lambobin biyu.

*Ina fatauci tsakanin Illela da Ƙonni, layin Najeriya da na Nijar duk suna waya ɗaya. Me zan kiyaye?*
Ɗan kasuwa, Sakkwato

Alhaji, ka kashe Data roaming a kan layukan biyu, kowanne daban. A bakin iyaka layi yakan kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta tun ba ka tsallaka ba, kuma kuɗin waje ake caji. In ka shiga Ƙonni ka mayar da Mobile data kan na Nijar da hannunka, in ka dawo ka sake juyawa. WhatsApp ɗinka ba zai canza lamba ba, kowane layi ne ke ba shi data. Kiran kuwa bar shi a kan tambaya, don kada ka kira abokin ciniki na Ƙonni da layin Najeriya a caje ka kuɗin kiran ƙasar waje.