Leda nawa zan sayar kafin in ce na fara cin riba?

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Tudun Wada, Zariya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina so in fara yin garin kunun gyaɗa a leda, rabin kilo. Kowace leda tana cin ₦1,100, a ciki gyaɗa kaɗai ₦600 ce, sauran shinkafa ne da kayan ƙamshi da niƙa da leda da kuɗin kai kaya. Zan bai wa masu shago a ₦1,500. Hayar ɗaki ₦180,000 ce a shekara, yarinyar da za ta taya ni ₦30,000 a wata, wuta da mai kamar ₦15,000. Injin liƙe leda da sikeli da sauran kayan aiki sun tashi ₦240,000. Ina sa ran sayar da leda 400 a wata. Wani mai shago a Samaru ya ce zai riƙa ɗiba da yawa idan na bar masa a ₦1,350. In yarda?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda tukuna, bari lissafi ya ba shi amsa.

Abu na farko, wannan ₦400 da ke tsakanin kuɗin yin leda da kuɗin sayar da ita ba riba ba ce. Rara ce kawai, kuma akwai masu jiran ta a bakin ƙofa. Mai ɗaki zai karɓi nasa ko kin sayar ko ba ki sayar ba, haka yarinyar, haka wuta. Irin waɗannan su nake kira kuɗin dole na wata. Sai rarar da ledoji suka tara ta biya su kaf, sannan abin da ya biyo baya ya zama naki.

Hayar idan an raba ta wata goma sha biyu, ₦15,000 ce. A haɗa da yarinya da wuta, an samu ₦60,000. Amma akwai biyu da kika tsallake, kuma kusan kowa na tsallake su. Kayan aikin nan suna tsufa. In muka ƙaddara za su yi shekara biyu kafin a nemi sababbi, to kowane wata suna cin ₦10,000 ko da ba ki ga kuɗin sun fita daga jaka ba. Na biyu ke kanki. Mai tsince gyaɗa, ta soya, ta bi shaguna karɓar kuɗi, aiki take yi, kuma da wata kika ɗauka da kin biya ta. Na rubuta miki ₦30,000, daidai da na yarinyar, ko da yake na san aikinki zai fi nata. Kuɗin dole ya tashi ₦100,000 cif.

Yanzu raba ₦100,000 da ₦400. Amsa 250. Ranar da kika sayar da leda ta 250 a cikin wata, ranar kika fita kunya: ba riba, ba faɗuwa. In kina aiki kwana 25, leda goma ke nan a kullum. Leda 150 da suka rage cikin ɗari huɗun su ne masu kawo riba, ₦60,000 a wata bayan kin biya kanki. Ba laifi.

Sai dai duk wannan ya tsaya ne a kan lambobi huɗu da kika hasaso: farashi, kuɗin yin leda, yawan ciniki, da kuɗin dole. Kasuwa ba za ta bar ko ɗaya yadda kika rubuta shi ba. Don haka ake girgiza su ɗaya bayan ɗaya, a bar sauran ukun a tsaye, a ga wanne ne in ya motsa ya fi taɓa aljihu. Mu lalata kowanne da kashi goma cikin ɗari, a kuɗin yin leda kuwa kuɗin gyaɗa kaɗai za mu taɓa.

In kuɗin dole ya hau zuwa ₦110,000, riba ta koma ₦50,000. In ciniki ya sauka zuwa leda 360, ta koma ₦44,000. In gyaɗa ta ƙara ₦60 a kowace leda, rara ta zama ₦340, riba ta koma ₦36,000, kuma sai kin sayar da 295 kafin ki fita kunya. Duk waɗannan ciwo ne da ake iya jurewa.

To ga na huɗun. Kashi goma na ₦1,500 shi ne ₦150, wato daidai ragin da mutumin Samaru ke nema. A ₦1,350 rara ta koma ₦250. Raba ₦100,000 da ₦250, amsa 400. Wato duk ledar da kike fatan sayarwa a wata, gaba ɗayansu, za su tafi ne wajen biyan haya da albashi, ribar ₦60,000 ta ɓace ƙurmus. Dalilin a fili yake: ragin da ake gani ƙarami idan an auna shi da farashi, idan an auna shi da rara ya kusa kashi arba'in cikin ɗari, domin daga rarar ake yanke shi, ba daga kuɗin gyaɗa ba. Kafin ki dawo da ribarki a wannan farashi sai kin sayar da leda 640.

Za ki ce ai shi kaɗai za a yi wa ragin. A takarda haka ne. Amma masu shaguna a garin nan suna haɗuwa wajen sari a Sabon Gari, kuma farashi ba ya ɓoyuwa. Kafin wata ya zagayo, na Kongo da na PZ za su ce su ma a yi musu. In har za ki yi masa, ki ɗaure ragin da sharaɗi biyu: adadi ƙayyadadde a kowane ɗiba, da kuɗi hannu. Kuma ki tabbata ledojinsa ƙari ne a kan ɗari huɗun, ba daga cikinsu ba. Leda ta 401 ko a ₦1,350 aka sayar tana ƙara miki ₦250, tunda an riga an biya kuɗin dole. Amma leda ta 100 a wannan farashi tana rage miki ₦150 ne kawai. Ni a ganina mai sabon kaya da bai san ainihin cinikinsa ba tukuna bai kai matsayin yin wannan ragi ba.

Akwai gyara ɗaya ga gwajin kashi goma. Ya ɗauka kamar duka huɗun suna motsi daidai wa daida, alhali farashin ledarki a hannunki yake, na gyaɗa kuwa ba a hannunki yake ba, kuma tsakanin kaka da tsakiyar damina tana iya wuce kashi goma nesa ba kusa ba. Saboda haka ki juya tambayar: nawa kowanne zai motsa kafin riba ta ƙare? Gyaɗa tana da sararin ₦150 a leda, daga ₦600 zuwa ₦750, wato kashi 25. Ciniki yana iya sauka daga 400 zuwa 250. Kuɗin dole sai ya kai ₦160,000. Wannan ₦750 ki riƙe ta da kyau. Ki auna leda nawa mudu ɗaya na gyaɗa ke fitar miki bayan an tsince an soya an cire ɓawo, ki mayar da ita farashin mudu, ki rubuta a bangon ɗakin. Duk ranar da kasuwa ta doshi wannan lamba kin san lokacin ƙara farashi ya yi, ba sai ƙarshen wata ya nuna miki ba.

A zahiri kuma matsaloli ba sa zuwa ɗai-ɗai. Shi ya sa ake haɗa su yanayi-yanayi a teburi. Lambobin yanayi uku na ƙarshe ƙiyasi ne na misali, ki canza su da abin da kike gani a kasuwa:

| Yanayi | Farashi | Kuɗin yin leda | Kuɗin dole | Ciniki | Ledar fita kunya | Riba |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yadda kike fata | 1,500 | 1,100 | 100,000 | 400 | 250 | 60,000 |
| Azumi | 1,500 | 1,160 | 115,000 | 600 | 339 | 89,000 |
| Damina, ɗalibai na hutu | 1,500 | 1,220 | 100,000 | 300 | 358 | faɗuwar 16,000 |
| Damina, ga masu karya farashi | 1,400 | 1,220 | 100,000 | 300 | 556 | faɗuwar 46,000 |

A layin azumi na ƙara ₦15,000 a kuɗin dole, don leda 600 ta fi ƙarfin hannu biyu, sai an ɗauko mai taimako. Kuɗin dole ba ya tsayawa har abada. Yana tsalle ne duk lokacin da aiki ya wuce abin da ɗaki da ma'aikata za su ɗauka. Layi na uku kuwa na sa shi ne saboda Samaru. Shagon da ya dogara da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatanta yana jin hutu a jikinsa, balle in aka shiga yajin aiki. In rabin kayanki can suke zuwa, kalandar jami'a ta shiga lissafinki.

Layin ƙarshe shi za ki fi tsayawa a kai. Tambayar da yake yi miki ita ce: in wannan hali ya ɗauki wata uku, kina da ₦138,000 da za ki toshe ramin ba tare da kin taɓa jarin gyaɗa ba? Cikin faɗuwar kowane wata ₦30,000 albashinki ne, ₦10,000 tsufan inji ne, don haka kuɗin da za su fita daga jaka a zahiri ₦6,000 ne kacal. Ma'ana ba za a kulle miki ɗaki ba, amma za ki yi wata uku kina aiki kyauta. Ke za ki yanke ko gidanki zai iya ɗaukar hakan.

In kina da manhajar Excel ko Google Sheets a waya, ki sa farashi a B1, kuɗin yin leda a B2, kuɗin dole a B3, ciniki a B4. Sai ki rubuta waɗannan a B5, B6 da B7, su ba ki rara, ledar fita kunya, da riba:

```
=B1-B2
=ROUNDUP(B3/B5,0)
=B4*B5-B3
```

Kowane yanayi ki kwafa shi a ginshiƙi na gaba. Littafin makaranta da biro ma sun isa.

Abu biyu ne teburin bai gani ba. Gyaɗa mai ce, garin in ya daɗe a kan kanta cikin zafin bazara ɗanɗanonsa na juyawa, mai shago kuma zai dawo miki da shi. Biyar cikin ɗari in suka dawo, kamar kin rage ₦75 ne a kowace leda, ledar fita kunya ta tashi daga 250 zuwa 308. Sai kuma bashi. Yin leda 400 yana cin ₦440,000 a wata, in masu shago sai bayan mako biyu suke biya, kusan ₦220,000 na kuɗinki kullum yana hannun mutane. Ana iya cin riba a takarda a rasa kuɗin sarin gyaɗa ranar kasuwar Giwa. Kuɗin rajistar NAFDAC ma, in kin tashi yi, ki raba shi a watanni ki zuba cikin kuɗin dole kamar yadda muka yi wa inji.

Lambar da na fi shakka a duk lissafin ita ce 400, don ita kaɗai ce ba ki taɓa gani da ido ba. Kafin ki biya hayar shekara, ki yi leda ɗari a gida, ki raba wa shaguna biyar ko shida a unguwanni daban-daban a ₦1,500, ki rubuta ranar da kika kai da ranar da kowanne ya kira yana neman ƙari. Ɗiban farko ba ya nuna komai, ana yin sa ko don kunya. Na biyu da na uku su za ki ƙirga. In ɗarin ta ƙare cikin kwana goma kuma an sake nema, kina tafiya a kan leda 300 a wata, kin haye 250, sai ki kama ɗakin. In ta haura mako uku, ki ci gaba da yi a gida tukuna, inda babu haya babu albashin yarinya. Allah ya sa albarka, Hajiya.